Me ya sa mabiyin addinin Jain ba ya cin dankali kuma ba ya cin abinci da dare?

Tambaya: Ina karatu a Ahmadabad ta ƙasar Indiya. Maigidan da nake haya a wurinsa mabiyin addinin Jain ne. Nama na fahimta, amma har albasa da dankali da zuma ba ya ci, kuma da rana ta faɗi ko ruwa ba ya sha. Ya ce mini duk saboda ahimsa ne. Ina ruwan dankali da rashin cutarwa, kuma mutum ya yi wace sana'a ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, bakin zaren yana wurin yadda suke lissafin rai. Idan ka kama wannan, kusan duk abin da kake gani a gidan nan za ka iya cinko dalilinsa da kanka.

A aƙidar Jain, wadda Mahabira ya jaddada a arewa maso gabashin Indiya a zamani ɗaya da Buda, kimanin ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, rai bai tsaya ga mutum da dabba ba. Suna jera masu rai hawa biyar gwargwadon kafofin ji da kowa yake da su. A ƙasa akwai masu kafa ɗaya, wato taɓawa kaɗai: tsirrai, da kuma rayukan da suka ce suna zaune a cikin ƙasa da ruwa da wuta da iska. Tana da matsattsaku suna da biyu, sun ƙara da ɗanɗano. Tururuwa da kwarkwata da kuɗin cizo suna da uku, sun ƙara da sansana. Ƙuda da sauro da ƙudan zuma suna da huɗu, suna gani. Mutum da dabbobi da tsuntsaye da kifi suna da biyar. Gwargwadon hawan abu, gwargwadon nauyin cutar da shi.

Da wannan lissafi ka ga ba wanda zai kwana ya tashi bai cutar da wani rai ba. Shan ruwa ma cuta ce, hura wuta cuta ce. Su ma sun san haka. Shi ya sa magidanci ba ya ɗaukar alkawarin daina cutarwa ɗungurungum, wannan na sufayensu ne. Abin da yake ɗauka ƙaramin alkawari ne: ba zai kashe mai kafofin ji biyu zuwa sama da gangan ba, masu kafa ɗaya kuwa zai rage ɓarnar da yake musu iya ƙoƙarinsa. Kuma littafinsu na Tattawarta Sutara, wanda manyan ɓangarorinsu biyu, Digambara da Shuwetambara, duk suka yarda da shi, ya fassara cutarwa da raba mai rai da rayuwarsa ta hanyar sakaci ko son zuciya. Kalmar sakaci nan ita ce ginshiƙi. Wanda ya duba hanya da kyau amma duk da haka ya taka tururuwa, laifinsa bai kai na wanda ya yi tafiyar ganganci ba, ko da shi bai taka kome ba. Dalili kuwa shi ne sun ɗauki karma a matsayin wata ƙura mai laushi da ke manne wa ruhi, fushi da kwaɗayi da sakaci su ne danƙon da ke riƙe ta. Wato wanda ya cuci wani, kansa ya fara cuta.

To, mu zo ga dankalin. Tsirrai ma ba ɗaya suke ba a wurinsu. Akwai waɗanda jiki ɗaya rai ɗaya ne, kamar ƙwayar alkama ko tumatir. Akwai kuma waɗanda suka ce jiki ɗaya ne amma rayukan da ke tarayya a cikinsa ba su ƙirguwa, suna kiransu anantakaya. Yawancin abin da ke yin ƙwai ko saiwa a ƙarƙashin ƙasa a nan ya faɗo: dankali, albasa, tafarnuwa, karas, ɗanyar citta. Ɗaya daga alamomin da suke bayarwa ita ce idan ka yanki ɓangarensa ka binne zai tsiro, kamar yadda idon dankali yake yi. Ga kuma dalili na biyu da ko wanda bai yarda da na farko ba zai gane: tsinkar tumatir ba ta kashe uwar, amma tonon dankali yana tuge shukar gaba ɗaya, ya kuma birkice ƙwarin da ke zaune a gindinta.

Wurin da baƙo yake rikicewa shi ne abubuwan da suka yi kama da sun saɓa ƙa'idar. Gyaɗa a ƙasa take, amma yawancinsu suna ci, domin ita 'ya'ya ce a cikin kwanso, ba saiwa ba. Ɗanyar citta an hana, busasshiya kuwa gidaje da yawa suna sa ta a shayi, haka ma garin kurkum, wai bayan sun bushe ƙayau ba sauran rai a ciki. Amma ba sa yi wa dankali wannan sassauci, ko an busar da shi. Masu bayani suna cewa citta da kurkum kaɗan ake sawa kamar magani, dankali kuwa cika ciki ake yi da shi, barin ƙofar a buɗe zai sa a riƙa tono da yawa. A ganina wannan ya fi kama da iyakar da al'ada ta shata don rayuwa ta yiwu, kuma ko a tsakaninsu gida ya bambanta da gida.

Zuma tana cikin abu huɗu da suke ɗauka mafi muni, tare da nama da giya da ɗanyen man shanu. Cire zuma a gargajiyance sai da hayaƙi da matse saƙa, ƙwai da tsutsar zuma su mutu a ciki. Giya ruɓarwa ce, wato haifar da ƙananan halittu don a shanye su, ga shi tana kawo sakacin da ake gudu. Ɗanyen man shanu sun ce da an raba shi da nono halittu suke fara tsira a cikinsa cikin ɗan lokaci, saboda haka nan take ake soya shi, soyayyen kuma halal ne a wurinsu. Ɓaure da danginsa ma an hana, kuma duk wanda ya taɓa ɓare ɓaure ya ga ƙananan ƙwarin da ke ciki ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yalo yana cikin jerin saboda yawan iri da yawan tsutsa, haka naman kaza, masu tsanani kuma suna gudun burodin da aka sa wa yis. Ƙwai ba ya shiga gidan ko kusa.

Amma jerin haramtattun abubuwa rabin labari ne. Ɗaya rabin lokaci ne, kuma don ka gan shi sai mu bi yini guda a madafar gidan Shuwetambara mai kiyayewa a garin da kake, a tsakiyar watan Agusta, damina ta zauna.

Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:15. Ba a kunna murhu cikin duhu. Idan gari ya waye, uwargida za ta ɗauki ɗan buroshi mai laushi ta share bakin murhun gas da gindin tukwane, domin kyankyaso ko tururuwar da ta kwana a wurin kada wuta ta same ta. A tsofaffin gidaje za ka ga an ɗaura ƙyalle a saman wurin girki don kada wani abu ya faɗo daga rufi cikin tukunya. Ba mai sa kome a baki sai bayan minti 48 da fitowar rana, wato ƙarfe 7 da 'yan mintuna. Wannan minti 48 awon lokaci ne na tsohuwar Indiya, kashi ɗaya cikin 30 na yini da dare, kuma za ka yi ta cin karo da shi, har zaman tunanin da suke yi shiru tsawonsa ke nan.

Sai ruwa. Ana tace shi da ƙyallen auduga mai kauri, shi ya sa kake ganin tsumma ɗaure a bakin famfo. Abin da yawancin baƙi ba su lura da shi ba shi ne abin da ake yi da ƙyallen bayan tacewa. Ba a matse shi a shanya, domin yin haka kashe abin da aka tace ne. A ƙa'ida ana juya shi a ɗauraye da tataccen ruwa, a mayar da ɗaurayen inda aka ɗebo. A zamanin rijiya har da guga na musamman da ake zurawa a hankali ya juye a saman ruwa, don kada a watso shi daga sama. Yanzu da ruwa ke zuwa ta famfo wannan ya zama abin da kowa ke yi iya dabararsa, wasu kuma sun bari. Masu azumi da masu tsanantawa suna shan dafaffe ne kawai, wanda ya tafasa sosai aka bar shi ya huce. Tambayar da za ta zo maka ita ce, tafasawar ba kisa ba ce? Kisa ce, kuma sun amsa. Hujjarsu ita ce ɗanyen ruwa halittu suna ta haihuwa suna mutuwa a cikinsa ba tsayawa, tafasawa kuwa ɓarna ce sau ɗaya da ke tsayar da wannan na wani lokaci. Lokacin ma an ƙayyade shi. A wurin Shuwetambara kimanin awa 9 ne da damina, 12 da sanyi, 15 da zafi. Ruwan da aka sauke ƙarfe 7 na safe a Agusta, da ƙarfe 4 na yamma wa'adinsa ya cika. Digambara lissafinsu daban: tataccen ruwa minti 48, dafaffe awa 24.

Gari ma da wa'adinsa. A lissafin da Digambara suka fi yaɗawa, garin alkama kwana 7 ne da sanyi, 5 da zafi, 3 da damina. Saboda haka gida mai kiyayewa ba ya sayen babban buhun gari ya ajiye, yana niƙa kaɗan-kaɗan, a tsince hatsin kafin niƙa, a tankaɗe garin da rariya kafin kwaɓi. Abin da aka samu a rariya, ƙwaro ne ko tsutsa, a kai shi wuri mai inuwa a ajiye. Wanda ya yi sakaci ya bar wake ya yi ƙwari ya jawo wa kansa aiki, don ba zai zuba magani ba, ba zai baza shi a rana mai zafi su mutu ba, ba kuma zai dafa ba. Hanyar da ta rage ita ce kada a bari abin ya faru tun farko, shi ya sa madafarsu take ƙal, gwangwanaye a rufe, ba a barin kwanon da aka ci abinci ya kwana.

Miyar rana a wannan wata ba ganye. Watanni huɗun damina, da suke kira caturmas, masu kiyayewa suna barin alayyafo da kabeji da danginsu, saboda ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye ba su wankuwa. Mangwaro ma, duk da son da mutanen Gujarat, jihar da kake ciki, ke masa, gidaje da yawa suna daina sha daga wajen 21 ko 22 ga Yuni. A ranakun 8 da 14 na kowane rabin watan sama kuma ana barin duk ɗanyen kayan lambu, a koma kan busasshen wake da gari. Maimakon dankali ana dafa ɗanyar ayaba a marmasa, maimakon albasa da tafarnuwa a jefa ɗan ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing a cikin mai mai zafi.

Ga wani kuskure da ko mai dafa abincin da ya daɗe da su yakan yi. Akwai miyar kindirmo da garin wake da ake sha sosai a Gujarat. A ƙa'idar Jain ba a haɗa ɗanyen nono ko kindirmo da duk ƙwayar da ke rabewa biyu kuma ba ta ba da mai, irin su wake. Sun ce haɗin yana haifar da ƙananan halittu nan take. Mafita ita ce a fara ɗora kindirmon a wuta ya yi zafi sosai, sannan a zuba garin. Wanda ya dama su a sanyi kafin ya ɗora, kamar yadda sauran mutane ke yi don kada ya tsinke, ya ɓata tukunyar a wurinsu ko da ɗanɗanon bai canja ba. Gyaɗa ba ta cikin wannan hukunci tunda tana ba da mai.

Rana za ta faɗi wajen ƙarfe 7:10. Kafin nan an ci na yamma an gama, an sha ruwa na ƙarshe. Abin da maigidanka ke yi sunansa caubihar, wato barin nau'i huɗu na abin da ke shiga baki, har ruwa, zuwa wayewar gari. Wasu suna ɗaukar mai sauƙi, su bar abinci amma su sha ruwa. Asalin dalilin a bayyane yake ga wanda ya taɓa cin tuwo kusa da fitila da damina: haske yana tara ƙwari, suna faɗawa cikin miya, ido ba ya gani. Matasa sukan ce yanzu ga lantarki ga raga a taga. Dattawa su ce ai fitilar ce ma ke kiran ƙwarin, kuma ƙananan halittu sun fi yaɗuwa idan babu rana. Abincin da ya rage mai danshi ba ya kwana, firiji ma bai wanke shi ba a wurin masu tsanani. Abin da ke daɗewa sai wanda aka gasa ya bushe ƙarau, kamar siririyar gurasar nan mai ƙaras-ƙaras da suke tafiya da ita.

Idan kana so ka ba shi abinci, kada ka dogara da koren ɗigon da ke jikin kayan kanti a Indiya. Alamar tana nufin babu nama da kifi da ƙwai ne kawai, albasa da dankali suna iya kasancewa a ciki. A gidan abinci sai an ce na Jain ake so, a jirgin sama kuma lambar abincinsu VJML ce. Daga girkinmu, shinkafa da wake da mai da barkono za su wuce idan ba a soya albasa a man ba. Ƙosai da alale sai an cire albasa. Doya da rogo sun faɗi, daddawa ma mai kiyayewa zai guje ta tunda ruɓarwa ce, sinadarin ɗanɗano kuma yawanci akwai garin albasa ko na kaza a ciki. Ka gama ka miƙa tun da sauran rana.

Sufayensu su ne ma'aunin da magidanta ke kallo. Ba sa girki, ba sa hawa mota, tafiyar ƙasa suke yi ba takalmi, suna duban kamu huɗu a gabansu. Na Shuwetambara suna riƙe da tsintsiyar zaren ulu, na Digambara ta gashin ɗawisu da ya zube da kansa, suna share wuri kafin su zauna. Wasu rassan suna ɗaure ƙyalle a baki kullum. Da damina suna zama gari ɗaya watanni huɗu saboda hanya ta cika da tsiro da ƙwari. Sai dai a lura, sufi yana iya tsarkaka haka ne domin magidanci ya ɗauke masa hura wuta da tafasa ruwa.

A batun sana'a, malamansu sun kasa cutarwa huɗu. Akwai ta ganganci, kamar farauta ko yanka, wannan an rufe ƙofarta ga kowa. Akwai ta aikin gida, shara da girki da gini. Akwai ta neman abinci. Akwai ta kare kai da iyali da ƙasa. Ukun ƙarshe an bar wa magidanci, da sharaɗin ya taƙaita. Shi ya sa tarihi ya san sarakuna da mayaƙa mabiya Jain. Camundaraya, wanda ya sa aka sassaƙa ƙaton gunkin waliyyinsu Bahubali mai tsawon ƙafa 57 a Sharabanabelagola ta kudancin Indiya wajen shekarar 981, kwamandan yaƙi ne.

Litattafan magidanta sun lissafa sana'o'i 15 da ake so a nisanta. Ba sai na kawo su duka ba, kaɗan sun isa su nuna salon tunanin: yin gawayi, saran daji, haƙar ƙasa da fasa dutse, cinikin hauren giwa da fata, sayar da guba da makamai, matsar mai a injin, fiɗiyar dabbobi da yi musu lalas, ƙona daji, ƙafar da tafki. Matsar mai tana ba mutane mamaki, amma buhun riɗi ba ya rasa ƙwari, injin kuma ba ya tsincewa. Wanda yake da dabba ko ma'aikaci an gargaɗe shi da abu biyar: ɗaurewa da mugunta, duka, yanke gaɓa, ɗora kaya fiye da ƙima, da hana ci ko sha. Malamansu na yau suna karanta na huɗu da na biyar har kan ɗan aikin da ake tsayar da shi fiye da lokaci ko a riƙe masa albashi.

Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne tufafi, zinariya, hatsi, ba da rance, lissafin kuɗi, sai aikin lauya da likita a zamanin nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa jama'ar da ƙidayar Indiya ta 2011 ta samu kimanin miliyan 4.5, wajen kashi 0.4 cikin ɗari, suka yi suna a kasuwanci fiye da yawansu. Iyalan Jain daga garin Falanfur na Gujarat sun yi ƙarfi a cinikin daiman daga Mumbai da Surat har Antwaf ta Beljiyam. Amma kuskure ne a ce duk 'yan kasuwa ne. A Karnataka da kudancin Maharashtara akwai ƙauyukan manoma mabiya Jain, noma a wurinsu cuta ce ta neman abinci, an yarda da ita, sai dai maganin feshi yana damun masu tsoron alhaki a cikinsu.

Akwai wuraren da lissafin bai rufe ba, kuma su ma suna gardama a kai. Mai sayar da daiman bai haƙa rami ba, amma da ba a haƙa ba da bai samu haja ba, alhali koyarwarsu ta ce aikatawa da sa a aikata da yarda da wanda ya aikata duk suna da alhaki. Mai ba da rance ga masana'antar fata haka. Nono ya fi duka zafi. Gargajiya ta halatta shi bisa zaton saniyar gida ce, ɗan maraƙi ya sha ya ƙoshi kafin a tatsa. A gonakin madara na zamani ana raba maraƙi da uwa, wadda ta daina ba da nono kuma sau da yawa mahauta take ƙarewa. Saboda haka wasu matasansu, musamman a Birtaniya da Amurka, sun bar nono da man shanu gaba ɗaya, iyaye kuma suna ganin an zo da sabon abu. Siliki ma haka, ana dafa tsutsar da ranta kafin a warware zaren, kuma masu kiyayewa sun daina sawa kamar yadda suke gudun takalmi da bel na fata.

Ɓangaren da ake gani a titi shi ne na ciyar da dukiya. Attajiransu suna ɗaukar nauyin gidajen da ake ajiye tsofaffin shanu da guragun dabbobi har su mutu da kansu, Gujarat cike take da su, kuma cikin tsohon Ahmadabad za ka ga dogayen hasumiyoyi da ake zuba wa tsuntsaye hatsi a kai. A Delhi akwai asibitin tsuntsaye a harabar jan haikalin Digambara da ke Candani Cauk. A bikin Faryushan, wanda Shuwetambara ke yi kwana 8 wajen Agusta ko Satumba, sukan nemi hukuma ta rufe mahauta, abin da ya daɗe, don malaminsu Hirabijaya Suri ya samu irin wannan umarni daga Sarki Akbar a ƙarni na 16. A yau buƙatar tana jawo ce-ce-ku-ce da mahauta da masu cin nama, musamman a Mumbai, inda ake tambayar ko alkawarin da mutum ya ɗaukar wa kansa ya kamata ya hau kan maƙwabcinsa. A ranar ƙarshe ta bikin maigidanka yana iya haɗa hannu ya ce maka "miccami dukkadam". Gafara yake nema kan duk abin da ya yi maka a shekarar, da sani ko ba da sani ba, kuma abin da aka saba shi ne ka mayar masa da kalmar.